Ruwa Kan Ruwa Marar Yankewa: Inda Masu Koyo Ke Yawan Tuntuɓe

Na gaji da ganin kurakurai iri ɗaya a takardun masu koyon lissafin ruwa kan ruwa, kuma kusan duk tushensu guda ne: ana haddace fomula ba a san daga inda ta fito ba.

Fomular farko ita ce wannan, inda A ke nufin jimillar kuɗin a ƙarshe, P uwar kuɗi, r kuɗin ruwan shekara, n sau nawa ake tara ruwan a shekara, t kuma yawan shekaru:

```
A = P(1 + r/n)^(nt)
```

Babban kuskure shi ne zaton cewa idan aka yi ta ƙara n, kuɗin zai yi ta hauhawa ba iyaka. Mu gwada da 1,000 a kan kashi 12 cikin ɗari na shekara ɗaya. In sau ɗaya aka tara, za a samu 1,120. Sau biyu, 1,123.60. Duk wata, 1,126.83. Kullum, wato sau 365, 1,127.47. Lura da yadda ƙarin ke tsukewa: daga shekara zuwa wata an ƙaru da 6.83, amma daga wata zuwa kullum 0.64 kacal. Dalili kuwa, duk lokacin da ka ƙara yawan tarawa, kason da ake tarawa a kowane karo yana ƙanƙancewa daidai gwargwado. Abin da ke ƙaruwa kawai shi ne ɗan ruwan da ruwa ke haifarwa da wuri.

Wasu kuma sukan faɗa ɗaya ramin. Sai su ce tunda r/n na kusantar sifili, abin da ke cikin baka ya zama 1, kuma 1 ko sau nawa aka ninka shi da kansa 1 ne. Haba! Ba a barin n na ƙasa ya yi gaba a bar na sama a tsaye, tare suke tafiya. Ni abin da nake yi shi ne in sa m = n/r, sai fomular ta koma:

```
A = P[(1 + 1/m)^m]^(rt)
```

Yanzu duba abin da ke cikin babbar baka. In m = 1 ne, 2 yake bayarwa. In 100 ne, 2.7048. In 1,000 ne, 2.7169. Yana matsowa ga 2.71828, ba ya kuma wuce ta. Wannan lamba ita ce e, wadda Jacob Bernoulli ya ci karo da ita a 1683 yana nazarin wannan matsala ta kuɗin ruwa. Daga nan ne aka samu fomular ruwa kan ruwa marar yankewa, wato wanda ake tarawa ba tsayawa:

```
A = Pe^(rt)
```

A misalinmu e^0.12 = 1.12750, wato 1,127.50. Ko duk daƙiƙa kake tarawa, nan ne rufin ɗakin.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne datse lambobi a tsakiyar aiki. Wani ɗalibi ya taɓa kawo min amsarsa ta tarawar kullum, 1,115.70, yana ta rantsuwa cewa kalkuleta ce ta ba shi. Na ce masa, kai ko kunya ba ka ji ba? Tarawar kullum ta gaza ta sau ɗaya a shekara, ba ka tsaya ka tambayi kanka ba? Da muka bi sawu, ashe 0.12/365, wanda yake 0.000328767, shi ya datse ya mai da shi 0.0003. A ido ba komai ba ne, amma abin da za a ninka sau 365 ba a yi masa aski. Ku bar lambar a cikin kalkuleta yadda take sai a ƙarshe. Ni kafin in yarda da kowace amsa sai na tabbata ta faɗo tsakanin ta sau ɗaya a shekara da ta e, a nan tsakanin 1,120 da 1,127.50.

Ƙananan kurakurai ba sa buƙatar dogon bayani. Kashi 12 cikin ɗari 0.12 ne, in ka sa 12 cikin Pe^(rt) amsarka za ta haura miliyan 162. Wata 18 kuwa t = 1.5 ne, amsar 1,197.22. A kalkuleta ka kulle rt cikin baka, in ba haka ba r kaɗai zai hau sama.

Akwai guda da ba ya nuna kansa. In aka ce kuɗi na ƙaruwa da kashi 12 cikin ɗari a ƙarshen shekara bayan an gama duk tarawa, kada ka zuba 0.12 cikin Pe^(rt), domin kashi 12.75 zai ba ka. Sai ka fara nemo r = ln(1.12), wato kimanin 0.1133, ita ce za ta mayar maka da 1,120 ɗinka.