Gwangwanin da ya kumbura, kada ka buɗe shi

Idan ka sauka Amurka aljihu bai gama cika ba, abincin gwangwani ne zai riƙe ka: wake, masara, kifi, miya. Wani lokacin daga wurin rabon abinci kyauta, wani lokacin daga kwandon da kanti ke zuba gwangwanayen da suka lotsa a karya musu farashi. To, kafin ka saka a jaka, ka juya gwangwanin a hannunka.

Fara da murfi da gindi. Lafiyayyen gwangwani shafe yake, ko ya ɗan faɗa ciki. In ya taso kamar bayan ƙoƙo, ko ka danna ya dawo, akwai iskar da ta taru a ciki, kuma sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka haifar da ita. Wadda aka fi tsoro ita ce mai kawo botulizim, cutar da ke shanye jiki. A ƙasa take rayuwa, tana bunƙasa inda babu iska, cikin abinci marar tsami irin su wake, masara, nama da kifi. Shi ya sa masana'antu ke dafa waɗannan a zafin da ya kai digiri 121 a ma'aunin Salshiyas, sama da na tafasasshen ruwa.

Mun saba a gida a shinshina, a ɗanɗana, a ce "ai lafiya lau". Wannan dabara ba ta aiki a nan, domin dafin da ƙwayar cutar ke fitarwa yana iya zama babu wari babu ɗanɗano, kuma lasa ɗaya ta isa ta kwantar da mutum. Gaskiya ne tafasa mai tsawo na lalata dafin, amma ni ba zan jingina ran iyalina a kan haka saboda gwangwanin dala ɗaya ba.

Ga misali. Gwangwanin wake biyu ne a gabanka. Na farko ya ɗan lotsa a gefe, lotsawar ba ta da kaifi: ɗauka. Na biyu lotsawarsa ta yi zurfin da za ka kwantar da yatsa a ciki, ta kuma taɓa bakin da aka naɗe murfi: bar shi, don nan ne ƙaramar kafa ke buɗewa ido bai gani ba. Tsatsar da ta goge da tsumma ba komai. Wadda ta ci ƙarfen ita ce matsala.

Wanda ya kumbura, naɗe shi a leda biyu, ka jefa a sharar waje inda yaro ko kyanwa ba za su kai ba.

In an riga an ci, alamun sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36: gani bibbiyu, fatar ido na faɗuwa, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara. Kira lambar gaggawa ta 911 nan take, ka faɗi abin da aka ci. Maganin dafin yana tsayar da shanyewar jiki ne, ba ya mayar da abin da ya riga ya shanye, kuma shanyewar tana gangarowa har ta kai ga numfashi.