Mai ciki da sayen fura da nono a unguwar Nima, Accra

'Yan uwa mata, mai juna biyu ta kula da nonon da ake damawa da fura. In ba a tafasa madarar ba kafin ta yi tsami, tana iya ɗauke da ƙwayar listeriya, wadda ke ratsa mahaifa ta kai ga jariri, ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Firji ba ya kashe ta, a cikin sanyin ma tana yaɗuwa. Ki tambayi mai nonon, in kina shakka ki haƙura. Wagashi kuwa, wato cukun nono, a soya shi ya yi zafi har ciki.

Abin da ke damuna, alamar listeriya kamar maleriya ce: zazzaɓi da ciwon jiki. Kada ki tsaya shan magani a gida, ki je asibiti ki faɗa musu abin da kika ci.