Darasi: Yunifom da kaftani, wa ya fi cin kuɗin shago?

Jama'a yau tambaya ɗaya za mu warware, ku ɗauko biro. Wani tela ne a Jekadafari nan Gombe, a wata yana ɗinka yunifom 900, kowanne awa 1, da kaftani mai aiki 100, kowanne awa 3. Yadi da ladan yara an san na kowace riga, to amma kuɗin ɗawainiyar shago fa, wato haya, man janareto, gyaran keke da zirga-zirga, naira 360,000 ne a dunƙule, nawa za a ɗora wa kowace riga?

Tsohuwar hanya ba ta da wuya. Awanni duka 1,200 ne, ka raba 360,000 da su, awa ta tashi naira 300. Kenan yunifom 300, kaftani 900.

Ɗaya hanyar ita ce lissafi bisa aiki, wadda ake rubutawa ABC, Robin Cooper da Robert Kaplan suka yaɗa ta wajen ƙarshen shekarun 1980. Ita sai ta tambaya wane aiki ne ya jawo kuɗin tukuna. Da telan ya duba littafinsa sai ya ga haya da mai 120,000 ne, wannan kam awa yake bi, naira 100 duk awa. Saita keken aiki ya ci 160,000, sau 40 aka yi, kowanne 4,000, kuma 30 na kaftani ne, don kowane kwastoma da zanen da yake so, a canza zare, a canza allura, a gwada a ƙyalle, zare ya tsinke a sake, shi kuwa yunifom in aka saita sau ɗaya sai a yi ta tafiya. Zuwa kasuwa 80,000, sau 16, kowanne 5,000, 12 na neman kalar zaren kaftani ne.

Yanzu haɗa. Yunifom 90,000 da 40,000 da 20,000, ya zama 150,000, ka raba da 900, wajen naira 167. Kaftani 30,000 da 120,000 da 60,000, ya zama 210,000, ka raba da 100, naira 2,100 cif.

Ku lura jimla ba ta motsa ba, 150,000 da 210,000 dai 360,000 ne, in naka bai koma nan ba to akwai kuskure. Rabon ne ya canza. Da can yunifom yana ɗauke wa kowane kaftani naira 1,200, kuma wallahi abin nan yana damuna, don haka ake ganin tela kwangilar makaranta tana kuɓuce masa wai ya yi tsada, ga kaftani ta ko'ina amma ƙarshen wata ba riba.

Sai dai hanyar tana son rubutu, in ba ka ƙirga saiti da zuwa kasuwa ba ba za ta yiwu ba, kuma mai kaya iri ɗaya tsohuwar ta ishe shi.

Aikin gida: a ce saitin kaftani sau 20 ne, na yunifom ma 20, sake lissafa na kowace riga.