Kai ne na biyu a zagaye? Riƙe babbar kartarka

Masu buga wasan karta na Wist, ga shawara: idan na hannun damanka ya fara da ƙaramar karta, kai ma jefa ƙarama. Kar ka yi saurin sakin A, kartar da ta fi girma a kowane iri.

Dalili kuwa, ku huɗu ne, bibbiyu, kowa da karta 13. In kai ne na biyu, abokinka ne zai jefa ta ƙarshe, bayan ya ga ta kowa.

A ce an fara da 4 mai zuciya, kana riƙe da A, 8 da 3. Dole ka bi da mai zuciya tunda kana da ita. Jefa 3. Na uku zai fito da babba, wataƙila Q, don kada shi da abokinsa su rasa zagayen da arha. In abokinka na da K, ya cinye, A ɗinka kuma tana nan. Da ka sake ta tun farko, tarkace kawai za ta kwaso.

Amma fa kar ka riƙe ta har ta lalace. Kowane iri karta 13 ne. In kana da 6 masu zuciya, saura 7 a hannun mutum uku, ka ga wani zai ƙare da wuri. Wanda ya ƙare yana iya jefa irin da aka buɗe a matsayin mai yanka, ko 2 ce ta kashe A ɗinka. A nan ci zagayenka tun da sauran hali.

Haka nan in K aka fara da ita, ɗora A kawai, ita take jira.