Inda ɗalibai ke tuntuɓe a tambayar tsarin kamfani

Tambayar ba ta canjawa, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi: a ba ka bayanin wani kamfani cikin layi biyar ko shida, a ce ka faɗi tsarinsa, fanshinal ne, dibishinal, matiris ko filat. Kowace shekara kuma wuri ɗaya ake zubar da maki, domin ɗalibi yana farautar kalma a cikin bayanin maimakon ya nemi wa yake ƙarƙashin wa.

Babban kuskuren shi ne ganin sunayen garuruwa ko na kayayyaki sai a rubuta dibishinal. Mu ɗauki misali. Kamfani yana da hedikwata a Sakkwato, yana casar shinkafa yana kuma jimar fata. Yana da sassa huɗu: sarrafa kaya, sayarwa, kuɗi da kula da ma'aikata. Yana da shaguna a Illela da Tambuwal da Wurno, kuma manajan kowane shago yana miƙa rahotonsa ga shugaban sashen sayarwa. Ɗalibi ya ga gari uku da kaya biyu, ko ƙarasa karatu bai yi ba ya yanke hukunci. Alhali wannan fanshinal ne tsantsa. Abin da ke ƙarƙashin babban manaja kai tsaye sassan aiki ne, shagunan kuwa wuraren sayarwa ne kawai da ke rataye a jikin sashe guda. Manajan Illela ba shi da akanta nasa, ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya sa farashi.

To, a canja jimla ɗaya. A ce ɓangaren shinkafa yana da nasa janar manaja, da nasa akanta, da nasa masu talla, ɓangaren fata ma haka, kuma ƙarshen shekara kowanne yana kawo lissafin ribarsa da faɗuwarsa. Yanzu ya zama dibishinal. Alamun biyu ne: ayyuka iri ɗaya sun maimaitu a kowane ɓangare, sannan kowane ɓangare ana auna shi da ribarsa. Rabon yana iya zama bisa kaya, ko yanki, ko irin abokin ciniki, duk dibishinal ne. Dalilin da ya haifar da tsarin ke nan tun farko: kamfanonin Amurka irin su DuPont sun koma gare shi a shekarun 1920, lokacin da kayansu suka yi yawan da sashen sayarwa ɗaya da sashen sarrafawa ɗaya suka kasa riƙe su.

Ni dai al'adata, kafin in dubi zaɓin amsoshi, nakan zana akwati a gefen takarda in rubuta babban manaja, in jera waɗanda ke ƙarƙashinsa kai tsaye. In sunayen ayyuka ne a layin nan na biyu, fanshinal. In sunayen kaya ne ko yankuna, dibishinal. Abin da ke layi na uku ba shi ke yanke hukunci ba, don cikin kowane ɓangare na dibishinal ai za ka tarar da sashen kuɗi da na sayarwa.

Nan ne kuskure na biyu yake shigowa, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ɗalibi ya ga an ambaci sassan aiki an kuma ambaci kayayyaki a bayani ɗaya, sai ya ce ai an haɗa biyu, matiris ne. Haba malam! Wa ya ce maka haɗuwar sunaye a shafi ɗaya ita ce matiris? Matiris mutum ɗaya ne da ubangida biyu a lokaci guda, kowannensu kuma yana da iko na gaske a kansa. Ka ɗauki ma'aikaci guda daga ƙasa, ka bi shi sama da yatsa. In hanya ɗaya ce ta kai ka ga babban manaja, ba matiris ba ne, ko da an ambaci kaya goma. In hanyar ta rabu biyu, shi ne.

Ga yadda yake a zahiri. Kamfanin gine-gine yana da sashen injiniyoyi, da na awo, da na sayen kaya, yana kuma da kwangila uku a hannu: hanya, asibiti da madatsar ruwa. Injiniya Malam Bello na sashen injiniyoyi ne, shugaban sashen ke duba ingancin aikinsa da batun ƙarin girmansa. Amma manajan kwangilar hanya shi ke gaya masa aikin da zai yi yau da ranar da zai gama. In aka gama hanyar, a tura shi aikin asibiti ƙarƙashin wani manajan, shugaban sashensa kuwa yana nan. Irin wannan tsari ya yi ƙarfi ne a kamfanonin ƙera jiragen sama da kumbo na Amurka a shekarun 1960, kuma da gangan yake karya ƙa'idar da Henri Fayol ya rubuta a 1916 cewa ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba ɗaya tak. Shi ya sa in tambaya ta ce wane tsari ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida, amsar matiris ce ba sai ka yi dogon tunani ba.

Masu tsara tambaya suna da tarko biyu a nan. Na farko kwamitin wucin gadi: an tattaro mutane daga sassa uku su shirya baje koli na wata ɗaya. Wannan bai canja tsarin kamfani ba. Na biyu daraktan kuɗi na hedikwata da ke aika wa akantocin ɓangarori ƙa'idojin rubuta lissafi. Muddin janar manajan shinkafa ne ke ba akantan aiki, shi ke auna ƙwazonsa, shi ke sa hannu a takardar hutunsa, kamfanin yana nan a dibishinal.

Filat kuma ku daina auna shi da yawan ma'aikata. Hawa-hawan shugabanci ake ƙirgawa. Kamfani mai mutum 30 da masu shi biyu ke kula da su kai tsaye, kowanne da 15, ba manaja a tsakani, filat ne: hawa biyu. Wani mai mutum 30 ɗin da ke da darakta, manaja, mataimakin manaja, sufabaiza sannan ma'aikata, hawa biyar ne, ƙanƙantarsa ba ta sa shi zama filat ba. Ƙaramin kamfani yana iya zama fanshinal kuma filat a lokaci guda, don ɗaya yana magana kan yadda aka raba aiki, ɗayan kan yawan hawa. In ka ci karo da haka a tambayar zaɓi, duba abin da bayanin ya fi nanatawa: sunayen sassa, ko rashin manajoji a tsakiya da saurin yanke shawara.

Wani lokaci ba a zana maka tsarin, matsalarsa kawai ake faɗa, kuma kowanne da irin ciwonsa. Sashen sayarwa da na sarrafawa ba sa jituwa, kowa ya san nasa kawai: fanshinal. Ana biyan akanta uku a aikin da ɗaya zai iya, ɓangarori suna rige-rigen kuɗin hedikwata: dibishinal. Umarni biyu masu karo da juna da tarurruka ba iyaka: matiris. Mai kamfani aiki ya yi masa katutu, ma'aikata suna barin wurin don babu muƙamin da za a hau: filat.

Sauran ƙanana ne. Kada ka amsa da abin da ka sani game da wani kamfani na gaske mai kama da wanda aka ba ka, bayanin da ke kan takarda shi ake yi wa maki. In kuma tambayar rubutu ce aka ce ka kawo hujja, sunan tsarin kaɗai ba ya wadatarwa: ɗauko jimlar da ta nuna wanda ake miƙa wa rahoto, ka rubuta ta, ka ɗora dalilinka a kanta.