Snapshot ba kwafin ajiya ba ne

'Yan uwa masu kula da sabar ofis a nan Maradi, ku ɗauki snapshot kafin sabunta manhaja, amma kwafin ajiya ku kai shi wani faifai dabam.

A VirtualBox ko VMware, manhajojin da ke gudanar da mashin, wato wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, idan ka ɗauki snapshot, ba a kwafe faifan mashin ɗin ba. Ana daskarar da faifan asali ne, sai a buɗe ƙaramin fayil da ke karɓar duk sabon rubutu. Shi ya sa yake gamawa cikin daƙiƙoƙi. Fayil ɗin kuwa ba ya tashi shi kaɗai, sai da na asali.

A ce mashin ɗin lissafin shagonka na da faifai mai giga 80. Sabuntawa ta ɓata shi, ka koma snapshot na safe, shi ke nan. Amma in wuta ta ɗauke, faifan kwamfutar ya mutu, asali da snapshot sun tafi tare.

Kwafin ajiya kuma ba ya maye gurbin snapshot. Dawo da giga 80 na cin lokaci, kuma aikin da aka yi bayan kwafin jiya da dare ya tafi.

Kada ka bar snapshot ya yi makonni. VMware ma na ba da shawarar kada ya wuce awa 72. Fayil ɗin na kumbura, mashin ya yi nauyi, in wuri ya cika ya tsaya cak.

Don yin kwafin ajiya a VirtualBox, kashe mashin, ka ba da wannan umarni daga cikin faifan waje don kwafin ya sauka a can. A nan sunan mashin ɗin shago ne:

```
VBoxManage export shago -o shago.ova
```

Ka gwada shigar da shi a wata kwamfutar, sannan ka cire faifan ka ajiye a gida.