Yadda Ake Fassara Hoton Bodin Fas Da Tikitin Jirgi Ba Tare Da An Sa Mutum Ya Rasa Jirginsa Ba

Idan wani ya turo maka hoton takardar shiga jirgi, wato bodin fas, ya ce don Allah karanta min, yawancin masu taimako sai su fara daga sama su bi layi-layi suna mayar da Turanci Hausa har ƙasa, su ga kamar sun gama aiki. To ba haka ake yi ba. Rabin abin da ke kan takardar bai shafi matafiyi ba, na ma'aikata ne, shi abin da yake so ya ji shi ne wace rana zai bar gida, ƙarfe nawa zai kasance a bakin ƙofa, kuma akwati nawa zai ɗauka. Na sha ganin fassara mai kyau tsaf amma ta sa mutum ya je filin jirgi washegarin ranar da jirginsa ya tashi.

Mataki na farko, ka ce a sake ɗaukar hoton in bai fito ba, kar ka ji nauyi. A shimfiɗa takardar a kan tebur, a kashe filas saboda takardar tana ƙyalli, gefuna huɗu su fito. In 0 da O ko 8 da B sun yi maka kama da juna kar ka yi ƙiyasi, a sake turowa. Kuma ka nemi takardu biyu ne, bodin fas da kuma tikitin kansa wanda ake turowa ta imel, galibi an rubuta masa e-ticket receipt a sama, domin bayanin kaya yawanci a can yake. Sannan hoton nan kar a jefa shi a guruf ko a sa a sitatus. Wancan zanen baƙi-baƙi da ake haskawa a na'ura yana ɗauke da suna da lambar bukin, lamba ce mai haruffa da alƙaluma shida da ake kira PNR, kuma a shafukan kamfanoni da yawa wannan lambar da sunan ƙarshe sun isa a buɗe tafiyar mutum.

Ga misalin da za mu bi, ni na haɗa shi, XX na tsaye ne a madadin haruffan kamfani:

```
GARBA/AMINAMRS
XX 761  05FEB  DXB-IST
BOARDING 2355  DEP 0040
GATE C14  SEAT 27A  ZONE 3  SEQ 118
```

Mataki na biyu shi ne suna, kuma suna ba a fassara shi, gwada shi ake da fasfo harafi da harafi. Sunan ƙarshe ne ke zuwa gaba, sai sanda, sai sunan yanka, MRS ko MR ɗin da ya manne a ƙarshe laƙabi ne kawai, kar hankalin kowa ya tashi wai an ɓata suna. Amma in harafi ya sauya ko suna guda ya bambanta da na fasfo, a kira kamfani ko ejen tun yau.

Haruffa ukun nan DXB da IST lambobin filin jirgi ne na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma fili suke nufi, ba gari kawai ba. Dubai na da DXB tana kuma da DWC, Istanbul na da IST da SAW, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a ɓangaren Asiya, Landan kuwa akwai LHR da LGW da STN da sauransu. Saboda haka ni ba na yarda a rubuta "za ki sauka a Landan" a tsaya nan, a faɗi Heathrow ne, wato LHR, ko Gatwick, wato LGW, don mai zuwa tarba ya san inda zai dosa. In kuma tafiyar mai yada zango ce ka duba ko lambar filin da aka sauka ita ce ta wanda za a tashi, in sun bambanta to akwai tafiyar mota a tsakani da shige da fice, ka faɗa ɓaro-ɓaro.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami, lokaci. Ka koma ka kalli misalin nan da kyau. An rubuta 05FEB, tashi 0040, fara shiga jirgi 2355. Agogon sa'a ashirin da huɗu ake amfani da shi, 0040 na nufin sha biyu da minti arba'in na dare, wato minti arba'in kacal da shigowar ranar biyar ga wata. To 2355 ɗin fa, ta wace rana ce? Ta huɗu ga wata ce. Mu ɗauka biyar ga Fabrairu ta faɗo ranar Alhamis, kenan Hajiya Amina za ta bar masauki ne ranar Laraba da daddare, ta kasance a filin jirgi wajen ƙarfe tara da rabi na daren, ta shiga jirgi sha biyu saura minti biyar. Mai fassarar da ya ce mata "ranar Alhamis da sha biyu da arba'in na dare" bai yi ƙarya ba amma ya cuce ta, domin za ta wuni Alhamis tana shiri ta je da dare, jirgi kuwa ya kusa kwana guda da tafiya. Ko "daren Alhamis" ɗin ma kar ka rubuta, wani zai ɗauka daren da ke gabanta, wani na bayanta. Ka rubuta daren Laraba wayewar garin Alhamis, ka maimaita shi sau biyu, in da hali ka kira ka faɗa da baki.

Sannan lokacin da za ka sa a gaba cikin fassararka BOARDING ne, ba DEP ba. Idan ka ga GATE CLOSES da wani lokaci ko an rubuta minti 20 ko 15 kafin tashi, to wannan ne ainihin ƙarshen magana, bayansa ko kana hango jirgin ta gilashi ba za a buɗe maka ba, kuma kantar ajiye kaya tana rufewa tun kafin nan, a tafiyar ƙasa da ƙasa galibi kamar sa'a guda kafin tashi. Tsofaffi musamman lokacin tashi suke riƙewa, suna ganin kamar mota ce da za a ɗan jira.

Abu na gaba, kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne. A tikitin Hajiya an ce za ta sauka Istanbul 0435, wani sai ya cire 0040 ya ce tafiyar ba ta kai sa'a huɗu ba, alhali Dubai na gaban Istanbul da sa'a guda, tafiyar sa'a biyar saura minti biyar ce. Zango na biyu na tafiyarta, daga Istanbul zuwa Landan, ya fi ruɗarwa, tashi daga IST 0810 sauka LHR 0920, kamar sa'a ɗaya da minti goma, amma a watan Fabrairu Istanbul na gaban Landan da sa'a uku, don haka sa'a huɗu da minti goma ne a sama. Lissafin da ba ya buƙatar gyara shi ne na zaman jira, 0435 zuwa 0810 duk agogon Istanbul ne, sa'a uku da minti talatin da biyar. Ka ce mata da ta sauka ta bi agogon bangon filin, kar ta dogara da na hannunta. In ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari za a isa kenan.

Maganar ƙofa ba ta da tsawo. C14 ɗin da ke kan takarda a lokacin da aka buga ta ne, ana canzawa, allon filin jirgi ne mai gaskiya, kuma a allon lambar jirgi za a nema ba sunan gari ba, don jirage uku na iya nufar gari ɗaya a sa'a ɗaya. In wurin ƙofar babu komai ko an sa TBA, ba a fitar ba tukuna. ZONE ko GROUP rukunin da za a kira ne, SEQ kuwa na nufin ita ce ta 118 da ta yi cekin, ba shi da amfani gare ta, ni ko fassara shi ba na yi. Abin da kar ka tsallake shi ne ƙaramin rubutun OPERATED BY, yana nufin wani kamfani ya sayar da tikiti wani ne kuma mai jirgin, yawanci kantar mai jirgin za a je. In a wurin kujera ka ga SBY, jiran gurbi take, ba ta da tabbacin kujera tukuna.

Sai kaya, ka koma kan tikiti ka nemi BAG ko ALLOWANCE. Tsari biyu ne kuma ba a haɗa su. In an rubuta 2PC, ƙidayar akwati ake, biyu, a ƙaramin aji galibi kowanne kilo 23, kuma ba ya nufin kilo 46 a raba yadda aka ga dama, akwati mai 28 da mai 15 sai an biya kuɗin nauyi a kan na farkon ko a tsuguna a tsakiyar fili ana kwashe kaya ana mayarwa ɗayan. In kuma 30K aka rubuta jimillar nauyi ake dubawa, a zuba a jaka biyu ko uku ba laifi. 0PC ko NIL kuwa babu akwatin ƙasa ko ɗaya a kuɗin da aka biya, wannan ne sirrin tikiti mai araha, kuma sayen kilo a shafin kamfani tun daga gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan saya a kanta. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar akwati guda da ya wuce kilo 32 ko za a biya. Ka duba kowane zango da layinsa, wani lokacin na farko 2PC na biyu 1PC, musamman in tikiti biyu aka saya daban, ka gane haka ne ta lambar tikiti mai alƙaluma 13, in biyu ne mabambanta to mai yiwuwa sai ta karɓi kayanta a Istanbul ta sake ajiyewa.

Jakar hannu yawanci kilo 7 ko 8, ruwa da turare da man shafawa kowace kwalba kar ta wuce mililita 100 a mafi yawan filaye, fawa bank a jakar hannu kawai, ba a sa shi a akwati. Ɗan sitikan da za a manna mata a bayan bodin fas bayan an karɓi kaya ta duba haruffa ukun da ke kai, LHR ya kamata ta gani, in IST ne ta tambaya nan take kafin ta bar kantar, kuma kar ta yar da shi sai akwatin ya zo hannunta.

Saƙon da za ka tura mata a ƙarshe layi biyar ya isa, ranar barin gida, lokacin isa fili, lokacin rufe ƙofa, lambar jirgi da sunan filin, sai yawan akwati da nauyin kowanne. Lambobi da haruffa ka bar su yadda suke a takarda don ta iya gwada su da allo.